Shafi Ɗaya a Gaban Kwamiti: Yadda Ake Tsara Taƙaitaccen Kasafin Kuɗi

Taron kwamitin amintattu na makaranta, ko na asibitin al'umma, ko na ƙungiyar manoma, yawanci ranar Asabar ake sa shi bayan la'asar, kuma kowa ya san kiran sallar magariba ne zai tashe shi. Cikin masu zama akwai ɗan kasuwar da ya baro shago a hannun yara, da likitar da ta fito daga aikin dare, da tsohon ma'aikacin gwamnati da ya manta tabaransa a gida. Sai ma'aji ya miƙa wa kowa takardu shafi 14 da aka fitar daga kwamfuta, lambobi ƙanana kamar tururuwa. A yi shiru, ana juya takarda. Can sai shugaba ya ɗago kai ya ce, "Malam Ma'aji, duk mun gani. Amma dai kuɗin nan za su kai mu ƙarshen shekara ko ba za su kai ba?"

Amsar tana cikin takardun, sai dai tana shafi na 11, kuma ba wanda zai kai can kafin magariba.

Matsalar ba ta ƙananan ƙungiyoyi ba ce kaɗai. Ranar 9 ga Agustan 1940, jiragen Jamus na kai wa Birtaniya hari, Firaminista Winston Churchill ya aika wa majalisar yaƙinsa da ma'aikatanta wata gajeriyar takarda yana kukan tsawon rahotannin da ake kawo masa. Ya nemi a riƙa jera manyan batutuwa a gajerun sakin layi, dogon bayani da lissafi kuma a tura su baya a matsayin rataye. Shugaban kwamitin makaranta ba yaƙi yake yi ba, amma buƙatarsa iri ɗaya ce: shafi ɗaya da zai faɗa masa inda ake, abin da ya kauce wa tsari, da hukuncin da ake jira daga gare shi. Kuma nauyin na gaske ne. A Najeriya, dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗora wa amintattun ƙungiyoyi masu rajista aika rahoton shekara ga Hukumar Rajistar Kamfanoni, don haka wanda ya gyaɗa kai kan lissafin da bai fahimta ba, sunansa na cikin masu amsa tambaya in abu ya lalace.

Don maganar ta fito fili, a ɗauki misalin wata makarantar sakandare ta al'umma a Kano. Lambobin na misali ne, amma tsarinsu irin wanda duk ma'ajin makaranta ya sani ne. An tsara kasafi kan ɗalibai 400, kowanne zai biya naira 100,000 a zango, zango uku a shekara, wato naira miliyan 120. Da sauran 'yan kuɗin shiga, jimilla miliyan 135. Za a kashe miliyan 126, a samu rarar miliyan 9. Shekarar kuɗi tana farawa ne a Satumba tare da shekarar karatu, yanzu kuma ƙarshen Fabrairu ne, an ci rabin shekara.

Saman shafi na hukunci ne

Ido daga sama yake farawa, kuma mai gaggawa sau da yawa a nan yake tsayawa. Saboda haka ɓarna ce a cika saman shafi da babban tambarin makaranta da gaisuwa da tarihin yadda aka haɗa kasafin. Layi ɗaya ya isa ga sunan makaranta, da lokacin da lissafin ya ƙunsa, da ranar da aka rufe littafi. A wannan layin ne kuma za a rubuta cewa duk lambobi a miliyoyin naira suke, don kada a sake maimaita alamar naira sau sittin a ƙasa.

Nan da nan sai babbar jimla, da rubutu mai kauri. Galibin ma'aji abin da suke sawa a nan shi ne "Rahoton Kasafin Kuɗi na Rabin Shekara", wanda bai gaya wa kowa abin da bai sani ba. Ma'ajin wannan makaranta abin da ya kamata ya rubuta shi ne: "In aka ci gaba a haka, shekara za ta ƙare da giɓin naira miliyan 9, ba rarar miliyan 9 da aka tsara ba, kuma kuɗin hannu ba za su kai albashin Afrilu ba." Wanda ya karanta wannan kaɗai ya riga ya san yanayin taron da ya shigo.

Rubuta irin wannan jimla yana da nauyi a zuciya. Ma'aji mutum ne, yana jin kunyar kawo wa dattawa labari mara daɗi a layin farko, don haka sai ya binne shi a tsakiya yana fatan a gane a hankali. Amma kwamitin da ya tono giɓi da kansa a shafi na 11 ya fi zargin ma'aji fiye da wanda aka gaya wa tun a bakin ƙofa.

Ƙarƙashin jimlar sai abin da ake nema daga kwamiti, cikin ɗan akwati, abu ɗaya ko biyu, da adadin kuɗi a jikin kowanne. A nan biyu ne. Na farko, a amince a ciro miliyan 7 daga asusun ajiya mai miliyan 10 don a biya albashin Afrilu, a mayar idan kuɗin zango na uku sun shigo. Na biyu, a gyara rufin azuzuwa kan miliyan 4 kafin damina, a ɗage fentin miliyan 3.5 zuwa baɗi. Wasu suna ajiye wannan akwati a ƙasan shafi, wai don mai karatu ya ga hujja kafin buƙata. A taron da ake tseren magariba, gara akasin haka. Wanda ya san abin da ake so ya yanke, ya san lambar da zai nema a jadawali. In kuma babu hukuncin da ake nema a wannan zama, a rubuta hakan ƙarara, shi ma labari ne.

Jadawalin tsakiya

Ga yadda tsakiyar shafin zai kasance, duka a miliyoyin naira:

| | Kasafin shekara | Kasafin wata 6 | Ainihin wata 6 | Bambanci | Hasashen ƙarshen shekara |
|---|---:|---:|---:|---:|---:|
| Kuɗin makaranta | 120.0 | 80.0 | 72.0 | (8.0) | 110.0 |
| Littattafai da hayar zaure | 9.0 | 5.0 | 5.4 | 0.4 | 9.4 |
| Gudummawar tsofaffin ɗalibai | 6.0 | 3.0 | 2.0 | (1.0) | 4.0 |
| Jimillar shiga | 135.0 | 88.0 | 79.4 | (8.6) | 123.4 |
| Albashi | 78.0 | 39.0 | 39.6 | (0.6) | 79.2 |
| Kayan karatu da jarrabawa | 15.0 | 9.0 | 8.2 | 0.8 | 15.0 |
| Wuta da man janareto | 12.0 | 6.5 | 9.1 | (2.6) | 16.8 |
| Ofis da sauransu | 12.0 | 6.0 | 6.2 | (0.2) | 12.4 |
| Gyare-gyare | 9.0 | 4.5 | 1.5 | 3.0 | 9.0 |
| Jimillar kashewa | 126.0 | 65.0 | 64.6 | 0.4 | 132.4 |
| Rara ko giɓi | 9.0 | 23.0 | 14.8 | (8.2) | (9.0) |

Layi 11 ne kacal, alhali littafin akanta yana iya ɗauke da layi 80. An haɗe alli da takarda da tawadar na'urar bugawa wuri guda, an haɗe kuɗin waya da na banki da na shayin baƙi wuri guda. Ma'aunin shi ne ko kwamiti zai taɓa yanke hukunci kan layin shi kaɗai. Ba zai zauna kan kuɗin alli ba, amma zai zauna kan man janareto. Abin lura ɗaya: layin "sauransu" kada ya kumbura. In ya haura kashi 10 cikin ɗari na abin da ake kashewa, to akwai abin da ya kamata a ciro daga cikinsa a ba shi suna, domin a irin wannan rumbu ne ɓarna take ɓuya.

Lambobin ma an aske su. Littafi yana iya cewa 72,014,350.75, amma shafin ya ce 72.0. Wani masanin ƙididdiga na Birtaniya, Andrew Ehrenberg, ya yi rubutu a 1977 kan yadda ake shirya jadawalin da mutum zai iya karantawa, kuma shawarwarinsa har yau ana aiki da su: a rage lambobi zuwa manyan alƙaluma biyu da ke ɗauke da bambanci, a jera layuka daga babba zuwa ƙarami. Dalilin kowa zai iya gwadawa. Cire 72 daga 80 a ka abu ne na ƙiftawar ido, amma cire lamba mai alƙaluma goma daga 'yar'uwarta sai an ɗauko waya. Akanta yakan ji kamar an yi masa ha'inci in aka yar da kwabbansa, to kwabban suna nan a rataye ga mai so. Lambobi kuma a jingine su ga hannun dama, ɗigo a ƙarƙashin ɗigo, ta yadda tsawon lamba kaɗai zai nuna girmanta.

Tarkon raba shekara gida goma sha biyu

Layin tsaye na biyu, kasafin wata 6, shi ne wanda aka fi kuskurewa, kuma kuskurensa yana iya juyar da labari gaba ɗaya.

Hanya mai sauƙi ita ce a raba kasafin shekara gida 12, a ninka da watannin da suka wuce. In aka yi haka a wannan makaranta, rabin miliyan 120 shi ne 60. An tara 72. Shafin zai nuna an zarce tsari da miliyan 12, kwamiti ya yi hamdala, wataƙila har wani ya kawo maganar sayen motar ɗalibai. Amma kuɗin makaranta ba wata-wata suke shigowa ba. Zuwa ƙarshen Fabrairu an riga an karɓi na zango biyu cikin uku, don haka abin da ya kamata a ce yana hannu miliyan 80 ne. Makarantar ba ta yi gaba da 12 ba, ta yi baya da 8.

Haka abin yake ga kowace ƙungiya mai kaka da rani a harkarta. Ƙungiyar manoma tana fitar da kuɗin taki a farkon damina, ba ta ganin dawowarsu sai kaka. Gidan marayu yakan samu kaso mai tsoka na gudummawar shekara a watan azumi, wanda kuma kowace shekara yana matsowa gaba da kimanin kwana 11 a kalandar Miladiyya, don haka ko kwafe tsarin bara ba ya wadatarwa. Dole tun ranar da aka amince da kasafi a zauna a rarraba kowane layi bisa watan da ake sa ran kuɗin za su motsa. Albashi ne kaɗai, da ire-irensa, suke rabuwa daidai wa daida.

Akwai hanyar gane shafin da ya faɗa wannan tarko. A duba layin kasafin rabin shekara: in kowace lamba rabin ta shekara ce cif, to raba aka yi, ba tsarawa ba.

Ko da an rarraba daidai, layin ƙarshe na jadawalin yana da nasa ruɗin. Ya nuna rarar miliyan 14.8 a hannu, abin da ke da daɗin gani. Sai dai an karɓi kashi biyu cikin uku na kuɗin shekara, an biya rabin albashi kawai. Zango ɗaya ya rage a karɓa, albashin wata shida ya rage a biya, har da na Agusta da makaranta take rufe. Wannan ne ya sa layin tsaye na ƙarshe, wato hasashen ƙarshen shekara, ya fi kowanne daraja, kuma shi ne wanda ma'aji da yawa suke tsallakewa, saboda sauran layukan kwafowa ake yi daga littafi, shi kuwa sai an yi tunani. A nan ne miliyan 14.8 ta rikiɗe ta koma giɓin miliyan 9. In wuri ya yi ƙaranci har sai an sadaukar da wani layin tsaye, gara a cire kasafin shekara a bar hasashe.

Hasashen ya fi zama dole a shekarun da farashi ba ya zama wuri ɗaya. Kasafin da aka rubuta kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur, ya tsufa cikin mako guda. A Afrilun 2024 kuɗin wuta na rukunin da aka fi ba wuta ya tashi daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 kan kowane ma'auni, a Yulin shekarar aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, a Disamba kuma hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a ƙididdigar hukuma. A irin wannan yanayi, kasafin Satumba tarihi ne kafin Fabrairu. Amma kada a goge shi a rubuta sabo a kansa. Abin da kwamiti ya amince da shi a bar shi a layinsa, sabon tunani ya zauna a layin hasashe, a ga tazarar da ke tsakani.

Baka biyu na nufin abu ɗaya

Layin bambanci yana da wata 'yar matsala da take rikita har masu ilimi. A ɓangaren shiga, samun ƙasa da tsari illa ce. A ɓangaren kashewa, kashe sama da tsari ne illa. In aka yi amfani da lissafi iri ɗaya a duka biyun, alamar ragi za ta zama mugun labari a sama, kyakkyawan labari a ƙasa, mai karatu ya riƙa tsayawa a kowane layi yana juya abin a kansa. Maganin shi ne a ɗauki ƙa'ida ɗaya a rubuta ta a gindin jadawali: lambar da ke cikin baka biyu tana rage wa makaranta, wadda ba ta ciki tana ƙara mata.

A Excel, in kasafin wata 6 yana layin C, ainihi yana layin D, sai a juya lissafin a ɓangaren kashewa. Layi na uku a ƙasa shi ne abin da ake sawa a Format Cells, ƙarƙashin Custom, don lambobi su fito a miliyoyi ba tare da an taɓa ainihin adadin ba:

```
=D5-C5
=C10-D10
#,##0.0,,;(#,##0.0,,)
```

Launi yana taimakawa, amma kada a dogara da shi. Jan rubutu da kore duk toka suke komawa in aka yi fotokwafi a shagon bakin titi, kuma akwai mutane, galibi maza, da idonsu ba ya rarrabe ja da kore. Baka biyu kuwa tana fitowa a kowace takarda.

Huɗu daga cikin takwas

Ƙasan jadawali sai bayani, kuma ba kowane layi ne zai samu ba. Kwamiti ya tsayar da ma'auni tun farko, misali bambancin da ya kai kashi 10 cikin ɗari kuma ya kai naira miliyan 1. Sharuɗɗan biyu tare suke aiki: kaso kaɗai zai sa a ɓata lokaci kan ƙaramin layin da ya ninka daga dubu 20 zuwa 40, adadi kaɗai kuma zai sa a riƙa tsayawa kan babban layi don ya motsa kaɗan. A wannan makaranta layi huɗu ne suka cika sharaɗi.

Kowane bayani jimla biyu ko uku ne, kuma aikinsa ya faɗi dalili, ya faɗi ko abin na wucewa ne ko ya zo zama. "Kuɗin makaranta sun gaza da miliyan 8" ba bayani ba ne, jadawali ya riga ya faɗa. Bayani shi ne: ɗalibai 380 ne suka zo maimakon 400, wannan miliyan 4 ce da ba za ta dawo ba, sauran miliyan 4 bashi ne a hannun iyaye, ana sa ran karɓo rabinsa, a zango na uku ana sa ran tara miliyan 36 cikin 38. Daga nan kowa zai iya haɗa 72 da 2 da 36 ya ga inda 110 ta fito. Rabin farko na matsalar maganar neman ɗalibai ce, rabi na biyu maganar bin bashi ce, kuma ba mutum ɗaya ne zai yi aikin biyun ba.

Na wuta da mai gajere ne: an zarce da kashi 40 cikin ɗari saboda tsadar man dizal da yawan kunna janareto, kuma ba a sa ran sauƙi, ga zafin Maris da Afrilu na tafe. Na gudummawa ma haka, alƙawari aka yi ba a cika ba.

Na gyare-gyare ne ya fi buƙatar kulawa, domin labari ne mai kama da daɗi. An tsara miliyan 4.5, an kashe 1.5, jadawali ya nuna miliyan 3 ba a cikin baka ba. Wani dattijo zai iya cewa, "Madalla, ashe an yi tattali." Ba tattali ba ne. Rufin da ke yoyo yana nan yana yoyo, ba a dai kira kafinta ba tukuna. Kuma wannan miliyan 3, da 0.8 na kayan jarrabawar da mai kawowa bai aiko da takardar neman biya ba, su ne suka lulluɓe ɓarnar man janareto har jimillar kashewa ta fito kamar komai lafiya. Wanda ya kalli jimilla kaɗai zai ga 65.0 da 64.6 ya wuce. Duk inda aka kashe ƙasa da tsari, tambayar farko ita ce ko an yi aikin da arha ne, ko kuwa ba a yi shi ba.

Ma'aunin ma yana da inda yake makancewa. Albashi ya zarce da 0.6 kawai, bai cika sharaɗi ba, amma in dalilin shi ne ɗaukar sabon malami, to kowane wata zai maimaitu har ya kai 1.2 a ƙarshen shekara, ya kuma shiga kasafin baɗi. Ma'aji yana da damar ƙara layi ɗaya kan irin wannan in ya ga ya dace.

Kuɗin banki, da na wane ne

A ƙasan shafi sai ɗan akwati na ƙarshe, wanda ke amsa tambayar shugaba kai tsaye. Bankin makaranta yana nuna miliyan 31. Ba duka ne nata na kashewa ba. Miliyan 12 wani bawan Allah ne ya bayar da sharaɗin gina ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, amana ce, shi ya sa ma ba ta cikin jadawalin sama. Miliyan 2.5 haraji ne da fansho da aka cire daga albashin ma'aikata ba a kai ba tukuna, kuma dokar fansho ta 2014 ta ba da kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi a miƙa kuɗin. Miliyan 1.5 bashin 'yan kasuwa ne. Abin da ya rage miliyan 15.

Lamba irin wannan ba ta magana sai an mayar da ita kwanaki. Makarantar tana cin kimanin miliyan 11 a wata, don haka miliyan 15 ta kusan mako shida ce. Maris da Afrilu za su ci miliyan 22, kuɗin zango na uku kuwa ba za su fara shigowa sosai ba sai an dawo hutu. Tazarar miliyan 7 ce, kuma ita ce miliyan 7 ɗin da aka nema a akwatin sama. Shafin ya zagayo ya haɗu da kansa, mai shakka zai iya bin lambar da yatsa daga sama har ƙasa.

Haɗa kuɗin amana da na yau da kullum a lamba ɗaya shi ne hanyar da ƙungiyoyi da yawa suke cinye kuɗin gini ba tare da kowa ya yi niyyar sata ba. Ana ganin miliyan 31, ana biyan albashi, sai ranar da mai gudummawa ya zo ganin tubali.

Abin da ya rage na sana'ar hannu ne. Takardar A4 ce, a tsaye, rubutu kada ya yi ƙasa da lamba 11, da fili tsakanin sassa huɗun. Umarnin Fit Sheet on One Page na Excel zai matse komai ya shiga, amma ta hanyar ƙanƙanta rubutu, don haka in abu ya ƙi shiga, layi za a rage. Zanen da'ira mai yanka-yanka, wanda masu shirya rahoto suke ƙauna, yana cin rubu'in shafi don ya faɗi cewa albashi ne ya fi yawa, abin da kowa ya sani. Tunda da yawa a waya za su fara buɗewa ta WhatsApp, a tura shi a PDF, ma'aji ya buɗe a tasa wayar ya gani ko yana karantuwa. Tsarin kuma kada ya canza daga zama zuwa zama, domin a zama na uku idon kowa ya san inda zai sauka.

Ba a fafe gora ranar tafiya: shafin ya isa hannun mambobi kwana biyar ko mako guda kafin taro, tare da cikakken lissafi a rataye. Kafin nan, ma'aji ya gwada shi a kan wani da ba ya cikin harkar, ko malamin Hausa ne a ɗakin malamai. Ya ba shi minti biyu, ya karɓe takardar, ya tambaye shi ko makaranta tana gaba ko baya, da me, kuma me ake so kwamiti ya yi. In ya amsa "rarar miliyan 14", to babbar jimlar ba ta yi kauri ba, ko kuma layin hasashe ya ɓace a gefe. Sai a duba abu na ƙarshe da kalkuleta a hannu, domin lambobin da aka aske wani lokaci jimillarsu takan kauce da 0.1, kuma a kowane kwamiti akwai tsohon akawun da zai gano. Ɗan layi a gindin jadawali mai cewa an taƙaita lambobi zuwa dubu ɗari mafi kusa yana rufe wannan muhawara, kusa da sunan wanda ya shirya shafin, da wanda ya duba, da ranar da aka ciro bayanin banki.